Doki Cikin Taga: Yadda Ake Tsayar da Bidiyon Kwance Ba Tare da An Yar da Mai Hoto Ba

Duk wanda ya saba kallon bidiyo a waya ya taɓa cin karo da wannan. Ka buɗe wani guntun bidiyo na Hawan Daushe, kana jin tashin tambari da kururuwar jama'a a Ƙofar Kudu, amma abin da ke gabanka ƙura ce kawai da rabin wutsiyar doki. Mahayin da aka ɗauki bidiyon dominsa ya daɗe da ficewa ta gefe. Ko kuma hira ce ta mutum biyu, sai ka tarar tebur ne ya cika fuskar wayar, da kafaɗar wannan a hagu da kunnen wancan a dama, ana ta magana ba ka ganin bakin kowa.

Ba laifin mai kyamara ba ne. Shi ya ɗauki abinsa a kwance, mai faɗi, kamar yadda talabijin da kwamfuta suke so. Daga baya ne wani ya so ya ɗora shi a TikTok ko a matsayin WhatsApp, inda ake riƙe waya a tsaye, sai ya yanke tsakiyar hoton ya tura ba tare da ya duba abin da ya rage a ciki ba. Gyaran wannan matsala ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Yana buƙatar mutum ya gane abu guda: mayar da bidiyon kwance zuwa na tsaye ba juyawa ba ce, sake ɗauka ce. Kai da ke zaune kana tacewa ka zama mai kyamara na biyu, kuma kyamararka ƴar siririyar taga ce da kake zamewa da ita a kan hoton wani.

Girman tagar

Bari mu fara da awo, domin daga nan komai ya taso. Bidiyon da yawancin kyamarori da wayoyi ke ɗauka a kwance yana da ɗigon hoto, wato fiksel, 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Shi ake rubutawa 16:9. Na tsaye kuwa akasinsa ne, 1080 a faɗi da 1920 a tsayi, wato 9:16.

Idan kana so hoton ya cika fuskar waya daga sama har ƙasa, dole ka riƙe tsayin nan na 1080 gaba ɗaya, sannan ka yanki faɗin da ya dace da shi. Lissafin ba wuya: 1080 sau 9, a raba da 16, ya ba da 607.5. Tunda tsarin matse bidiyo da aka fi amfani da shi yana son lambobin da biyu ke raba su, sai a ce 608. Wannan shi ne faɗin tagarka. A cikin 1920, abin da za ka nuna 608 ne kacal, ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Fiye da kashi biyu bisa uku na abin da mai kyamara ya gani zai tafi kwandon shara a kowane lokaci.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Wannan yanki mai faɗin 608 sai an buɗa shi ya kai 1080 kafin ya cika waya, wato an ƙara masa girma kusan sau ɗaya da kashi uku bisa huɗu. Buɗa hoto ba ya ƙara masa komai, kamar dai a ƙara wa kunu ruwa ne: ya yi yawa, amma ya tsinke. Idan asalin bidiyon mai kyau ne, ido ba zai damu sosai ba a ƙaramar fuskar waya. Amma a ce wanda aka turo maka ya riga ya bi ta hannu uku a WhatsApp har tsayinsa ya koma 480, to tagarka za ta zama 270 ne a faɗi, kuma sai an ninka ta sau huɗu. A nan ne fuska ke komawa kamar an shafa ta da man kaɗe. Shi ya sa matakin farko, kafin a taɓa komai, shi ne a nemo asalin fayil daga katin kyamara, ko a roƙi mai shi ya turo shi a matsayin takarda ba a matsayin bidiyo ba, don kada manhaja ta matse shi a hanya. Wanda ya yi sa'a aka ɗauki nasa da 4K, mai 3840 da 2160, shi ya huta: tagarsa ta kai faɗin 1215, ta ma fi abin da waya ke nema, don haka rage ta zai yi ba buɗawa ba.

Matsalar nan ta girmi wayar hannu. Tun daga 1953, lokacin da masu fim a Amurka suka fito da majigi mai faɗi na CinemaScope, masu gidajen talabijin suka shiga irin wannan hali, domin akwatin talabijin na lokacin kusan murabba'i ne. Sai suka riƙa sa ma'aikaci ya bi fim yana zaɓar ɓangaren da za a nuna, yana zamewa hagu da dama, kuma a wasu finafinan kusan rabin hoton ke salwanta. Daraktoci da yawa sun ƙi jinin abin. Aikin da muke yi yau jikan wancan ne, sai dai tagarmu ta fi tasu ƙunci.

A yanka kafin a motsa

A ce ga bidiyo na daƙiƙa arba'in daga filin Ƙofar Kudu, an ɗauke shi da kyamara a kan ƙafafunta. Akwai ɗauka uku a ciki. Ta farko, wani dogari ne a tsaye cikin ja da kore, can ɓangaren dama. Ta biyu, mahayi ne ya sako doki a guje daga hagu zuwa dama zai kai jafi. Ta uku, mai busa kakaki ne ya miƙa kakakinsa.

Kuskuren da sabon hannu ke yi shi ne ya ɗauki daƙiƙa arba'in ɗin nan a matsayin abu guda. Abin da ya dace shi ne a fara raba bidiyon daidai inda kyamara ta sauya ɗauka, kowane guntu ya zama mai zaman kansa. Dalili kuwa, idan dogari yana dama a ƙarshen ɗauka ta farko, doki kuma yana hagu a farkon ta biyu, ba ka so tagar ta yi ta jan jiki daga dama zuwa hagu a kan idon mai kallo. So kake ta yi tsalle nan take daidai gaɓar da hoton ya sauya, inda ido ba zai lura ba. A CapCut da ire-irenta, bayan ka zaɓi `9:16` ka buɗa hoton da yatsu biyu har baƙin sama da na ƙasa suka ɓace, sai ka tsaya a kan kowace gaɓa ka danna `Split`.

Ɗauka ta farko ita ce mai sauƙi, kuma ita ce ke koyar da babban darasi. Dogarin ba ya tafiya ko'ina. Yana ɗan juya kai, yana gyara tsayuwa, amma yana nan inda yake. To tagar ma ta tsaya cak. A ce tsakiyar jikinsa tana kan fiksel na 1400 idan aka ƙirga daga hagu. Rabin tagar 304 ne, don haka gefen hagunta zai fara daga 1400 a cire 304, wato 1096. Da an bar ta a tsakiya yadda manhaja ke yi da kanta, da ta fara daga 656 ta ƙare a 1264, kuma da dogarin bai ko leƙo ciki ba sai gefen rigarsa. Mai aiki da waya ba sai ya yi wannan lissafi ba, ja kawai zai yi da yatsa har mutumin ya zo tsakiya. Mai aiki da kwamfuta kuwa, idan yana da manhajar kyauta ta FFmpeg, layi ɗaya ya ishe shi:

```
ffmpeg -i dogari.mp4 -vf "crop=608:1080:1096:0,scale=1080:1920,setsar=1" -c:a copy dogari_tsaye.mp4
```

Lambobi huɗun da ke bayan `crop` su ne faɗin taga, tsayinta, inda ta fara daga hagu, da inda ta fara daga sama. Lamba ta uku ita ce duk sirrin sana'ar. Tana iya zama ko nawa daga 0 zuwa 1312, domin bayan nan tagar ta kai bango.

Abin da ya sa na ce a nan darasin yake: akwai sha'awar bin mutum duk inda ya ɗan karkata, don a ce kullum hancinsa yana tsakiya. Kada a yi. Idan tagar tana rawa tare da kowane motsin kai, bangon da ke bayansa zai yi ta lilo, mai kallo ya ji kamar yana cikin kwalekwale. Muddin mutum bai kusa taɓa gefe ba, a ƙyale shi ya yi motsinsa a cikin ɗakinsa.

Bin doki

Ɗauka ta biyu ita ce mai gumi. Dokin ya bayyana, a daƙiƙa ta biyu yana kan fiksel na 500, a daƙiƙa ta shida ya kai na 1500. Ya ci fiksel dubu cikin daƙiƙa huɗu, wato 250 a kowace daƙiƙa. A faffaɗan hoto wannan gudu ba ya ɗaga hankali, akwai fili. Amma tagar da faɗinta 608 ne, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu da rabi zai ratsa ta ya wuce. Ga asalin ƙurar nan da wutsiya da muka fara da su.

Maganin shi ne abin da masu tace bidiyo ke kira kifirem. Ka ɗauke shi kamar turke. Kana kafa turke ɗaya a wani lokaci ka ce wa manhaja, a wannan daƙiƙar tagar tana nan. Ka kafa wani a gaba ka ce, a wannan kuma tana can. Manhajar ita za ta cike tafiyar da ke tsakani. A yawancin manhajojin waya alamarsa ƴar lu'ulu'u ce mai kusurwa huɗu kusa da maɓallin kunnawa. Ka je daƙiƙa ta biyu, ka daidaita hoton, ka danna ta. Ka je daƙiƙa ta shida, ka ja hoton har dokin ya dawo cikin taga, turke na biyu ya kafu.

Amma a ina za a ajiye dokin a cikin tagar? Ba a tsakiya daidai ba. Abin da ke gudu yana buƙatar fili a gabansa. Idan hancin doki yana dungurar gefen hoto, mai kallo zai ji a takure, kamar dokin zai yi karo da bango, kuma ba ya ganin inda aka dosa. Saboda haka sai a tura tagar gaba kaɗan, kamar fiksel tamanin, ta yadda mahayin zai ɗan koma baya a cikinta. Maimakon ta fara daga 196 ta ƙare a 1196, sai ta fara daga 280 ta ƙare a 1280. A rubuce, ga yadda yake:

```
ffmpeg -i jafi.mp4 -vf "crop=608:1080:'clip(280+(t-2)*250,280,1280)':0,scale=1080:1920,setsar=1" -c:a copy jafi_tsaye.mp4
```

Harafin `t` shi ne lokaci a daƙiƙa. Tagar za ta jira a 280 har daƙiƙa ta biyu, ta tafi tana ƙara 250 kowace daƙiƙa, ta tsaya a 1280. Wannan ka'ida ta barin fili a gaba tana aiki ko ga mutumin da ke zaune: idan yana kallon dama, a bar masa sarari a dama.

Sai dai doki ba inji ba ne. Yana tashi a hankali, ya ƙure gudu, sannan mahayi ya ja linzami ya tokare shi a gaban sarki. Turke biyu suna tafiya da gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, don haka idan ka kunna za ka iya ganin dokin ya makara a baya da farko, sannan ya kusa ficewa ta gaba a tsakiya. Gyaran shi ne ka je daidai inda ya fi kusa da gefe ka kafa turke na uku a can. Ka sake kallo. Idan da saura ka ƙara na huɗu. Abin da ba a so shi ne a fara da turke goma sha biyar, domin a kan kowane turke gudun tagar yana sauyawa, kuma ido yana ganin wannan a matsayin fizga. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce: kafa na farko da na ƙarshe, sannan kada ka ƙara wani sai hoton ya tilasta maka. Manhajoji da yawa kuma suna ba da damar a tausasa farawa da tsayawar motsi, ta yadda tagar za ta taso a hankali ta kuma sauka a hankali, kamar hannun mutum. Wannan ɗan gyara shi ne ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo.

Akwai wani abu da ke ɓoye a faffaɗan hoto wanda yanka ke tona wa asiri, shi ne rawar hannu. Idan mai kyamara a hannu ya riƙe ta, ɗan girgizar da ba a damu da ita ba a faɗin 1920 za ta zama babba a faɗin 608, domin rabon da take ci na hoton ya ninka sau uku. A irin wannan, a fara daidaita girgizar a kan asalin bidiyon, sannan a yanka. Idan aka juya tsarin, manhaja za ta ƙara cin gefen tagar da dama can ba ta da fili.

Abin da ba ya shiga taga

Mun zo kan mai kakaki. Kakaki dogo ne, ya fi mai busa shi tsayi, kuma a kwance yake miƙa shi. Ko yaya ka zame tagar, ko ka samu mutumin babu bakin kakaki, ko ka samu bakin kakaki babu mutum. Haka abin yake ga mutum biyu da ke hira a gefe da gefen tebur, ko jerin ƴan mata a wajen kamu, ko rubutun sunan mai magana da aka riga aka manna a ƙasan hoto. Taura biyu ba ta taunuwa. A nan ba ƙwarewar hannu ake nema ba, shawara ce za a yanke.

Hanya ta farko ita ce a haƙura da cika fuskar waya. Mutane da yawa sukan sa hoton gaba ɗaya a tsakiya, su cike sama da ƙasa da kwafinsa da aka dusashe. Ba a rasa komai ba, amma hoton ya koma ɗan ɗamara mai tsayin 608 a cikin 1920, fuskoki sun zama kamar ƙwayar gyaɗa. Akwai tsaka-tsaki da ya fi wannan: a yanki murabba'i, 1080 da 1080. Wannan yana riƙe fiye da rabin faɗin asali, kuma ba ya buƙatar buɗawa ko kaɗan, don haka hoton yana nan da kaifinsa. Za a samu sarari na 420 a sama da 420 a ƙasa, wanda za a iya sa take ko fassarar magana a ciki. Ga mai kakaki, sau da yawa wannan ya wadatar.

Hanya ta biyu ta masu hira ce. Idan suna karɓa-karɓa, kowa yana ɗan jimawa yana magana, sai a riƙa yanka daga wannan zuwa wancan, tagar ta yi tsalle ba jan jiki ba, kamar kyamara biyu aka kafa. Amma a yi hattara da bin murya ido rufe. Wani lokacin dariyar mai sauraro ko ɗaure fuskarsa ita ce labarin, ba bakin mai magana ba. Idan kuwa suna katse juna ana musu, yankan zai yi yawa har ya sa jiri. To sai a ɗora su ɗaya bisa ɗaya: a raba fuskar waya gida biyu, kowane 1080 da 960, a yanko kowane mutum daga asali da faɗin kamar 810 da tsayin 720, a sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ga kakaki kuma akwai hanya ta uku, idan ɗaukar ta yi tsawo: a fara daga fuskar mai busa, kumatunsa a cike, sannan a zame a hankali tare da tsawon kakakin har bakinsa. Abin da ya ƙi shiga a lokaci ɗaya, sai ya shiga bi da bi.

Idan manhaja ta ce za ta yi da kanta

Manyan manhajojin tace bidiyo suna da maɓallin da ke wannan aiki kai tsaye. A Premiere Pro sunansa `Auto Reframe`, ya zo a 2019. A Final Cut Pro akwai `Smart Conform`, a DaVinci Resolve na kuɗi akwai `Smart Reframe`. Suna neman fuska ko abin da ya fi motsi, su bi shi. Ga mutum ɗaya da ke magana a fili mara cunkoso, suna rage aiki sosai. A filin hawa kuwa, inda dawakai ashirin ke motsi, ga tutoci ga lema ga ƙura, manhaja ba ta san wane mahayi ne ɗan gidanku ba. Tana iya barin wanda kake so ta bi wani yaro da ya gifta kusa da kyamara, don fuskarsa ta fi girma. Rawani da amawali da suka rufe rabin fuska ma suna iya ruɗa ta. A ɗauki abin da ta yi a matsayin zanen farko, a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, a goge turakun da ba su da amfani, a gyara inda ta ɓata.

Dubawar ƙarshe

Ko an gama komai daidai, akwai tarko guda da ya rage. Abin da kake gani a manhajar tacewa ba shi mai kallo zai gani ba. TikTok da Instagram da YouTube duk suna ɗora nasu kayan a kan bidiyon: sunan mai shafi da bayaninsa a ƙasa, maɓallan so da sharhi a jere a gefen dama, wasu rubuce-rubuce a sama. Wasu wayoyin kuma sun fi 9:16 tsawo, sai manhajar ta ɗan ci gefen hoton don ya cika. Don haka fuska da duk wani rubutu su zauna a tsakiyar hoton, idanun mutum kusa da kashi ɗaya bisa uku daga sama, kada a kai abu mai muhimmanci can ƙasa ko jikin gefen dama.

Kafin ka tura wa duniya, ka sa bidiyon a wayarka, ka kashe sauti, ka kalle shi. Sauti yana rufa wa hoto asiri, domin kunne yana cike abin da ido bai gani ba. Idan babu tambari babu kirari, amma har yanzu kana gane wa ake nunawa a kowace daƙiƙa, kuma ba ka ji tagar tana motsi ba sai dai ka ga doki yana gudu, to aiki ya yi.

Wanda kuma zai je hawan baɗi da kyamara, yana sane cewa bidiyon zai ƙare a waya, zai iya sauƙaƙa wa kansa tun daga fili. Ya ɗauka da 4K idan akwai hali. Ya ɗan ja baya, kada ya cika hoton da mutum. Ya manna siraran zare ko tef guda biyu a kan ƙaramin allon kyamararsa, su raba shi gida uku, ya riƙa ajiye mahayinsa a gidan tsakiya. Abin da ya faɗa tsakanin zaren nan biyu, shi ne zai isa hannun mutane.